Jan Bakin Zanen Nna

Duk wanda ya san Kafayatu a unguwar Dutsen Kura ya san ba mai son ƙyale-ƙyale ba ce. Saƙa ta gada, saƙa take ci, kuma da saƙar ta aurar da 'yarta ta fari. Amma bara a wajen bajekolin Minna ta sha kunyar da har yanzu in ta tuna sai ta ja tsaki. Wata hajiya daga Abuja ta sayi zane uku, ta nemi lambar waya, Kafayatu ta laluba jaka ba takarda, sai ta yago gefen kwalin sabulu ta rubuta mata. Hajiyar ta karɓa da yatsa biyu, ta dubi kwalin, ta dubi Kafayatu, ta jefa shi a jaka. Ba ta taɓa kira ba. A rumfar da ke maƙwabtaka da tata kuwa, mai sayar da man shafawa sai miƙa ɗan kati take yi wa kowa, har da waɗanda ba su tambaya ba. Tun daga ranar Kafayatu ta ƙudurta cewa bana da katinta za ta je.

Ta kuma san abin da za a sa a katin tun kafin ta san ko nawa ake bugawa. Zanen Nna za a sa, wato mahaifiyarta, da jan bakinsa.

A gidansu, tun can Bida, kowace mace mai saƙa da irin bakin zanenta. In yarinya ta ƙware, sai a zaɓa mata launin da za ta riƙa jerawa a zaren tsaye na can gefe, wannan ya zama alamarta har ta bar duniya, kuma ba mai saƙa bakin wata, ko da uwa da 'ya ne. Na Nna ja ne, siriri, bai kai faɗin yatsa ba, a gefen baƙin shuɗi. Na Kafayatu kore ne da ɗan fari a tsakiya. Sai dai kasuwa jan ta sani. Daga Minna har Paiko, in an ce mai jan baki, an san zanen da ake nufi, ita kanta Kafayatu ba a kiranta da komai a kasuwa sai 'yar mai jan baki, kuma ba ta jin haushin sunan ko kaɗan, daɗinsa ma take ji. Yanzu Nna ta tsufa, sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, ta daina hawa masaƙa, tana zaune wajen 'yarta tana sa ido a kan kowane zare da ya shigo gidan. Zane ɗaya ne ya rage na hannunta, yana ƙasan akwati. Kafayatu ta sa a ranta cewa a katin nan kowa zai ga jan bakin uwarta cikakke, tsohuwa ta gani da idonta tun tana da rai.

Rachael ta kai wa aikin. Rachael 'yar Gwari ce, haihuwar Minna, tana da ɗan shago a bakin titi inda take buga takardu da katin biki a kwamfuta. Sun saba tun ranar da Kafayatu ta saƙa mata zanen goyon ɗanta Destiny, shi ya sa Kafayatu ke ce mata Maman Destiny, ita kuma tana ce mata Anti. Aka shimfiɗa zanen Nna a kan simintin shagon, Rachael ta hau kujera da 'yar kyamararta ta ɗauka daga sama, tana cewa in ta faɗo Anti ce za ta yi jinya. Ta sa hoton a kwamfuta, ta datse simintin da ya fito a gefe, ta bar zanen ya cika katin kaf, jan bakin ya kwanta a can ƙasa daidai inda katin ya ƙare. A tsakiya ta buɗe fili mai ruwan madara ta rubuta suna da sana'a da lambobin waya biyu.

Kai, Kafayatu ta ji daɗi. Ta matso da kujera har hancinta na neman taɓa gilashin, tana ta sa wa Rachael albarka, ta aika aka sayo musu zoɓo mai sanyi. Ta ce a tura wa masu bugawa yanzu-yanzu kafin wani ya ga irinsa ya riga ta.

Rachael ta ce ta dakata, wannan gwaji ne kawai don a ga ko fasalin ya yi mata, saura a daidaita gefe. Sai ta jawo layuka uku a kewayen katin, ɗaya cikin ɗaya, ta yi mata bayani tana nunawa da bayan biro. Na tsakiya shi ne layin yanka, nan wuƙa za ta sauka, shi ne ainihin girman katin, milimita casa'in a tsawo, hamsin da biyar a faɗi. Na waje, wanda masu bugawa ke kira bilid, rara ce ta milimita uku a kowane gefe: dole hoton ya zarce layin yanka ya cika wannan rarar, don in wuƙa ta ɗan kauce waje ta tarar da launi, ba farar takarda ba. Na ciki kuma, shi ma milimita uku daga layin yanka, shi ne iyakar tsira. Duk abin da mutum ba ya son wuƙa ta taɓa, suna ne ko lamba ko wata alama, to ya shige cikin wannan layin ya zauna.

Kafayatu ta gyaɗa kai, ta ce ai wannan ba wani abu ba ne, ko tela yana barin rara kafin ya sa almakashi. Rachael ta ce haka ne, sannan ta ja hoton ta faɗaɗa shi har ya cika layin waje. Sama da dama da hagu duk lafiya lau, jikin zane ne ya zarce. A ƙasa kuwa, jan bakin ya sulale ya fice daga layin yanka, ya koma cikin rarar da za a zubar.

"Maman Destiny, ina jan ya tafi?"

"Ga shi nan, Anti. Amma a nan wuƙa za ta cinye shi duka."

"To mayar da shi inda yake."

Rachael ta mayar, ta nuna mata abin da zai biyo baya. In jan ya tsaya daidai kan layin yanka, babu komai a bayansa sai farar takarda. Katin da wuƙa ta kauce masa waje zai fito da farin zare a ƙarƙashin jan, wanda ta kauce masa ciki kuma za a yanke rabin jan, don gaba ɗayansa a katin bai wuce milimita biyu ba. Kafayatu ta ce wannan ai sakaci ne na mai yanka, ba laifin hoto ba. Wa ke yankan? Da ta ji Malam Ndanusa ne, sai ta yi dariya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ndanusa ai ɗan garinsu ne, unguwarsu ɗaya a Bida, ta san uwarsa ta san kakarsa. Za ta je ta ce masa ya buɗe ido ya yanka nata a hankali, magana ta ƙare.

Rachael ba ta yi gardama ba. Ta rufe shago ta ce su tafi tare, dama tana da aikin da za ta karɓo.

Maɗaba'ar tana bayan kasuwa, ɗaki ne mai zurfi da warin tawada, injin bugawa na ta ƙara a ciki. Malam Ndanusa na daga bakin ƙofa wajen injin yanka, dattijo ne mai ɗan tumbi da tabarau a kan goshi. Da ya ga Kafayatu sai ya saki aiki, aka shiga gaisuwa da Nufanci, ya tambayi Nna, ya tambayi ƙafafunta, ya tambayi yatsunta, har Rachael ta gaji ta nemi benci ta zauna. Sannan Kafayatu ta faɗi abin da ya kawo ta, ta ƙare da cewa ita dai alfarma take nema, a yanka nata daidai kan layi, kada a kauce ko da gashi ɗaya.

Ndanusa ya yi dariya har tabarau ya zamo masa kan hanci. Ya ce da kati ɗaya ake yankawa da reza, da ya yi mata wannan alfarmar da hannunsa. Ya jawo wata babbar takarda ya nuna mata: katuna ne jere a kanta sahu-sahu, da 'yan gajerun alamomi a gefe masu nuna inda za a yanka. Ya ce irin wannan takardar ake tarawa ta yi tsayi, a buga gefenta a daidaita, a danne da ƙarfe, wuƙa ta sauka sau ɗaya ta ratsa su duka. Shi ta sama kawai yake gani. Tun a injin bugawa ma hoton ba ya sauka wuri ɗaya tak a kan kowace takarda, a wata ya ɗan matsa nan, a wata can. Wuƙar kuma in ta nutsa cikin tulin takan ɗan ja na ƙasa. Duk in aka haɗa, kaucewar milimita ɗaya ba abin mamaki ba ce, ko da waliyyi ne ke riƙe da injin.

Ya ga ba ta gamsu ba, sai ya buɗe wani kwali a ƙarƙashin tebur ya ɗebo mata katunan wani mai sayar da taya. Mutumin ya kawo aikinsa da kansa, ba rara, ga siririn layi da ya zagaye katin dab da baki, an gaya masa ya ƙi ji. Kafayatu ta baje su a tafin hannu. Wannan layin ya yi kauri a dama ya sirance a hagu, wancan ga farin zare a sama, wani kuma layin ya ɓace gaba ɗaya a gefe guda. Ta juya su, ta sake juyawa. Ita da ke warware saƙar yini guda saboda zare ɗaya ya karkace, ba sai an ƙara mata bayani ba. Ta hango jan bakin Nna a haka, rabi a wannan katin, babu a wancan, ana miƙa wa mutane a bajekoli.

Suka kamo hanyar komawa. Rachael ta saya mata gyaɗa, ta karɓa ta riƙe a hannu har suka isa shago.

Suka zauna neman mafita. Maganar ɗaya ce: dole jan ya hau sama ya shige iyakar tsira, kuma dole a sami abin da zai cika ƙasansa har zuwa layin waje. Rachael ta ɗaga hoton, ta cika ƙasan da baƙin launi. Kafayatu ta ce sai ka ce an yar da zanen a kan kwalta. Aka gwada ruwan madara, ta ce wannan kuma ya zama kamar kuskuren mai taya, sai dai babba. Rachael ta ce to akwai dabara, za ta iya kwafo jikin saƙar ta manna a ƙarƙashin jan, ba mai ganewa. Ta yi, kuma a ido ya yi kyau, amma Kafayatu ta kama haɓa. Ta ce wane zane ne yake ci gaba bayan bakinsa? Ai jan ya tashi daga baki ya zama ado a tsakiyar zane, duk macen da ta taɓa zama gaban masaƙa za ta yi musu dariya, Nna kuwa ko kallo na biyu ba za ta yi masa ba.

Rachael ta jingina da kujera ta ce ita kam dabararta ta ƙare, tun safe Anti ke ba ta wahala a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Suka yi dariya su biyu. Cikin dariyar ne idon Kafayatu ya sauka kan jakarta, inda zannuwan saƙarta biyu ke naɗe, ɗaya kan ɗaya, gefen na ƙasa ya leƙo.

Ta ce, to in aka shimfiɗa wani zanen a ƙarƙashin na Nna fa, ya leƙo ta ƙasa, yadda take jera su a rumfa? Baki ya zauna a bakinsa, abin da ke bayansa kuma zane ne na gaske, wuƙa ta ci wannan. Rachael ta miƙe zaune. Ta ce hakan zai yi, in dai na ƙasan ya leƙo da yawa: a bar wajen milimita biyar a cikin katin don ko an kauce ido ba zai kama ba, ga kuma uku na rara. Ta lissafa da hoton farko ta ce a jikin zanen, milimita ukun kati kusan faɗin yatsa ɗaya ne, don haka yatsa uku ya isa. Wane zane za a sa? Kafayatu ta ce nata mana, wa take da shi da ya fi dacewa a yanka.

Ta koma gida ranar da sauƙin zuciya, har ta tsaya ta sayi kifin dam ɗin Tagwai ta yi wa Nna miyar da take so. Ba ta gaya mata komai ba, so take sai katin ya fito ta ajiye mata a cinya.

Washegari da hantsi Rachael ta zo gidan da kyamara, don ta ce hasken tsakar gida ya fi na shago. Aka share ƙarƙashin bishiyar mangwaro, aka shimfiɗa tabarma. Kafayatu ta baza nata zanen, ta ɗora na Nna a kai, ta ja shi baya har nata ya leƙo yatsa uku. Rachael ta zaro tsinken tsintsiya ta ɗora a kan zanen Kafayatu, ta ce nan ne wuƙa za ta bi, a duba a gani kafin ta ɗauke tsinken ta ɗauki hoto.

Ɓoye wa Nna abu a gidan nan kuwa aikin banza ne. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tun ɗazu tana jan carbi, ido na kan zanenta da aka fito da shi daga akwati karo na biyu ba a tambaye ta ba. Ta kira Kafayatu ta ce me ake yi da kayanta. Dole aka faɗa. Nna ta sa aka kawo mata kujerarta har bakin tabarmar, ta ce 'yar Gwarin nan ta yi mata bayani da bakinta. Rachael ta durƙusa ta gaishe ta, ta maimaita mata maganar layukan nan uku da Hausa, inda ta sarƙe Kafayatu ta juya da Nufanci. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Ta tambaya ko abin da ke bayan tsinken nan duk zubarwa za a yi, aka ce mata e. Ta tambaya lambar wa aka rubuta a katin, aka ce ta Kafayatu.

"To in mutum ya ga jan baki ya kira lambar nan ya ce shi yake so, wa zai saƙa masa?"

Kafayatu ta ce ai ba don ciniki ta sa ba, don a san daga inda ta fito ne.

"An sani. Shekara nawa ana kiranki da sunana a kasuwa? Ni na gama nawa. Ɗaga zanen nan."

Kafayatu ba ta motsa ba. Nna ta sunkuya da kanta, da yatsun nan nata da ba sa miƙewa, ta kama gefen zanenta tana ja. Ganin tana nishi ya sa Rachael ta yi sauri ta kama mata. Aka zare na Nna aka shimfiɗa shi a ƙasa, aka ɗora na Kafayatu a kai. Nna ta bi koren bakin da babban yatsanta tun daga wannan ƙarshen har wancan, a hankali, tana laluben inda zare ya yi sako-sako ko ya ɗaure. Kafayatu ta tsaya tana kallonta kamar ranar da aka fara zaunar da ita gaban masaƙa, ita da take da jika. Tsohuwa ta kai ƙarshe ba ta sami komai ba. Ba ta yaba ba, don ba halinta ba ne, ta dai ce wa Rachael wannan shi za a sa a inda wuƙa ba ta zuwa.

Sai ta karɓi tsinken ta ɗora a kan nata zanen da ya leƙo, ta bar jan bakin a bayansa. Kafayatu ta roƙe ta, ta ce ko ɗan matsowa a yi da shi ciki, baki biyu su fito tare, kore a sama ja a ƙasa. Nna ta ce kati ɗaya, masaƙiya ɗaya. Rachael, da ta ga abin ya zama na uwa da 'ya, ta yi ƙasa da murya ta ce ita dai abin da ta sani shi ne, in jan ya manne da tsinken haka, wasu katunan za su fito da ɗan gashin ja a ƙasa, wasu babu. Nna ta ce a'a, ba ta son aikin rabi da rabi. Ta ƙara jan zanenta waje har sai da shuɗi ya raba tsinken da jan, jan ya koma can ƙarshen rarar.

Rachael ta ɗauke tsinken ta hau turmi ta ɗauki hoton. Kafayatu ta shige madafa wai za ta duba wuta, alhali ba abin da ta ɗora. Ta tsaya a can ta share ido da gefen zane. Haushi take ji an ƙwace mata kyautar da ta shirya, kuma a ƙarƙashin haushin akwai wani daɗi da ta rasa inda za ta sa shi. Daga tsakar gida tana jiyo Nna tana tambayar Rachael ko yaron nan Destiny ya fara makaranta, da kuma dalilin da ya sa ta rame.

A shago Rachael ta daidaita komai a gabanta. Koren bakin da suna da lambobi duk suka shige iyakar tsira, shuɗin Nna ya kwanta a ƙasa ya ratsa layin yanka, jan ya tsaya a can waje. Ta sa alamomin yanka, ta adana aikin a filashi, ta dubi Kafayatu ta ce in akwai magana a faɗa yanzu, in ya tafi ya tafi. Kafayatu ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta ce katin dai ya yi kyau, ba ƙarya. A kai.

Ranar yanka Nna ta ce sai ta je. Aka yi aka yi, ta ce ta daɗe ba ta ga Ndanusa ba, kuma ba wanda zai yanka mata zane a bayan idonta. Aka ɗauko Keke Napep har ƙofar gida, aka tallabe ta ta shiga, Kafayatu a gefe ɗaya Rachael a ɗayan.

Ndanusa na ganinta ya cire hula ya zube har ƙasa. Aka ba ta kujerar mai maɗaba'ar. Ya kawo tulin takardun da aka buga ya ajiye a kan injin, ya zaro ta sama ya miƙa mata. Ga katunan sahu-sahu, launi ya fito ras, kore ya yi kore, kuma a ƙarƙashin kowane sahu ga jan layi ya bi takardar daga wannan gefe zuwa wancan. Nna ta kai takardar kusa da ido ta ce wannan jan ya fi nata haske, amma ba laifi.

Shi Ndanusa sai a lokacin ya lura da inda jan ya faɗa. Ya sauko da tabarau ya duba alamomin yanka, ya sake dubawa. Ya ce wa Rachael ko an yi kuskure ne, don wannan jan bakin ya san shi, da irinsa aka goye shi, kuma a yadda aka tsara aikin nan kwandon shara zai tafi. Rachael ta ce ba kuskure, haka masu abu suka ce. Bai gamsu ba. Ya buga gefen tulin ya daidaita, ya tura shi ƙarƙashin wuƙa, ya sauke ƙarfen dannewa, sannan ya tsaya da hannu a kan injin ya juyo wajen tsohuwa.

"Nna, a yanka?"

"Ni kake tambaya? Sunana ka gani a jiki? Ga mai kati nan."

Ndanusa ya juya ga Kafayatu. Injin bugawa na ta ƙararsa a ciki, Rachael ta sunkuyar da kai tana wasa da makullin shago. Kafayatu ta dubi jan layin da ya leƙo ta gaban wuƙar, ta dubi uwarta. Nna ba ita take kallo ba, ta harɗe hannu a kan sanda tana jira, irin jiran da take yi in ta ba mutum aiki.

"Bismillah," in ji Kafayatu. "Yanka, Malam."

Wuƙa ta sauka. Siraran jajayen takardu suka zube a kwando, Ndanusa ya juya tulin ya ci gaba da sauran gefunan. Da ya gama ya zaro kati ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga can ƙasa, ya jera su a tafin hannunsa. Duk ukun koren bakin na zaune cikakke, shuɗi a ƙarƙashinsa, ba farin zare ko ɗaya. Ya miƙa wa Kafayatu, ita kuma ta miƙa wa Nna hannu biyu.

Nna ta ɗauki ɗaya ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta ce wa Ndanusa ya ba ta guda goma daban, akwai mutanen Bida da suka daɗe suna damunta da saƙon zane, za ta aika musu su san wadda za su riƙa kira.